Tambayoyi da amsoshi kan bibiyar farashin zinare da ɗanyen mai kullum, da haɗa taƙaitaccen rahoto mai fita da kansa

Wannan shafi na wanda yake so kowace safiya saƙo ya shigo wayarsa, layi huɗu ko biyar, ya gaya masa inda zinare da ɗanyen mai suka kwana, ba tare da ya zauna yana buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya ba. Rubuta manhajar da za ta yi haka aikin yamma ɗaya ne ga wanda ya ɗan iya Python. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa lambar da ake kwatantawa da ta jiya irinta ce, kuma a nan yawancin amsoshin suka tsaya.

Wane farashi ake nufi idan an ce "farashin zinare" ko "farashin mai"?

Babu farashi guda ɗaya, don haka tun kafin ka rubuta layin farko sai ka zaɓi wanda za ka bi, ka kuma tsaya a kansa.

A zinare akwai uku da aka fi ambata. Akwai farashin nan take, wanda ke motsi kusan dare da rana daga Litinin zuwa Juma'a. Akwai farashin LBMA na Landan, wanda ake tsayarwa ta hanyar gwanjo sau biyu a rana, ƙarfe 10:30 na safe da ƙarfe 3:00 na yamma agogon Landan. Sai kwantiragin gaba na kasuwar COMEX a Amurka, wato yarjejeniyar sayen zinare da za a miƙa a wani wata mai zuwa. Dukansu da dala ake faɗinsu a kan oza ɗaya, kuma kusa da juna suke, amma ba sa zama daidai. Na kwantiragin gaba yakan ɗara na nan take da ɗan wani abu, domin an haɗa kuɗin jira a ciki.

A ɗanyen mai kuwa Brent ne da WTI, kowanne da dala a kan ganga, ganga kuma lita 159 ce ko kusa da haka. Brent ya samo asali daga man Tekun Arewa, ana cinikin kwantiraginsa a kasuwar ICE ta Landan. WTI man Amurka ne, cinikinsa a NYMEX, kuma a garin Cushing na jihar Oklahoma ake miƙa shi. Ga mai karatu a Najeriya, Brent ya fi amfani, saboda da shi ake auna farashin man ƙasar irin su Bonny Light. Idan za ka sa guda ɗaya kawai a rahotonka, sa Brent.

Abin da nake ganin ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne ya ɗauki kwantiragin gaba a duka biyun, tunda su ne suka fi saurin samuwa kyauta, ya kuma rubuta a ƙasan rahoton cewa su ne ya ɗauka.

Daga ina zan samo lambobin?

Mafi yawan mutane da Yahoo Finance suke farawa, ta laburaren Python mai suna `yfinance`. Alamomin su ne `GC=F` na zinare, `BZ=F` na Brent, `CL=F` na WTI. Kyauta ne, amma ka sani cewa ba Yahoo ne ya yi laburaren ba, wasu ne suka rubuta shi yana kwaso bayanai daga shafin. Duk ranar da shafin ya sauya tsari ko ya taƙaita yawan tambaya, manhajarka za ta iya dawowa hannu rabbana. Ya dace da rahoton kanka ko na abokan sana'a. Idan sayar da rahoton za ka yi, sai ka nemi kamfanin da ke ba da bayanai da lasisi.

Hukumar bayanan makamashi ta Amurka, EIA, tana wallafa farashin Brent da WTI na kowace rana, ana kuma samunsu a rumbun FRED da sunayen `DCOILBRENTEU` da `DCOILWTICO`. Lambobinsu abin dogaro ne, sai dai suna zuwa a makare da 'yan kwanaki, kuma farashin nan take ne. Ba su dace da saƙon safiya ba, amma suna da kyau wajen duba tarihinka lokaci zuwa lokaci, ka ga ko tafiyar lambobinka ta bi tasu. Kada dai ka haɗa lambar jiya daga wannan tushe da ta shekaranjiya daga wancan, ka fitar da bambanci. Abin da za ka samu bambancin tushe ne, kasuwa ba ta motsa haka ba.

Ƙarfe nawa ya kamata manhajar ta tashi?

Da safe, ta ba da labarin rufewar jiya. Dalili shi ne kasuwannin nan sai dare suke tsayar da farashin yini a agogonmu. WTI ana tsayar da nasa ƙarfe 2:30 na rana agogon New York, wato 7:30 na dare a Kano ko Maraɗi tsakanin Maris da farkon Nuwamba, sannan 8:30 a sauran watanni. Su ne ke sauya agogo sau biyu a shekara, mu ba ma sauyawa. Haka Landan: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran lokaci muna gabansu da awa guda. Wanda ya sa manhajarsa ta tashi ƙarfe takwas na dare zai ga komai lafiya har Nuwamba ta shigo, sai ta fara ɗauko farashin da ba a gama tsayarwa ba. Ƙarfe bakwai na safe ya kuɓuta daga wannan duka.

A kwamfuta mai Linux, layi ɗaya a `crontab` ya isa:

```
0 7 * * 2-6 /usr/bin/python3 /home/user/rahoto.py
```

`2-6` na nufin Talata zuwa Asabar, domin rufewar Litinin sai safiyar Talata za a ba da ita, ta Juma'a kuma safiyar Asabar. Lahadi da Litinin babu sabuwar rufewa. Ka duba agogon na'urar da kake amfani da ita: yawancin kwamfutocin haya na intanet, da GitHub Actions, a kan UTC suke, wanda ke bayanmu da awa ɗaya, to a can `0 6` za ka rubuta.

Na tashe ta da safe, amma lambar da ta kawo ba ita ce rufewar jiya ba. Me ya faru?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kama sababbi, kuma ba ya nuna kansa, domin lambar tana kama da gaskiya. Kasuwar kwantiragin gaba tana hutun awa ɗaya ko biyu ne kawai a yini, sai ta sake buɗewa. Lokacin da kake shan kokon safe, an daɗe da fara cinikin sabuwar rana a Asiya. Saboda haka layin ƙarshe na bayanan da za ka sauko da su sau da yawa na yau ne, wanda bai kammala ba. Idan ka ɗauki layuka biyu na ƙarshe, kana kwatanta farashin wannan minti da rufewar jiya, alhali rahoton yana cewa jiya da shekaranjiya.

Maganin shi ne a yar da layin yau kafin lissafi:

```python
import yfinance as yf
from datetime import date

def rufewa(alama):
    t = yf.Ticker(alama).history(period="10d")["Close"].dropna()
    t = t[t.index.date < date.today()]
    return t.index[-1].date(), t.iloc[-1], t.iloc[-2]
```

An nemi kwana goma ne don ko an haɗu da ƙarshen mako da ranar hutu, a samu aƙalla rufewa biyu. Ka lura aikin yana dawo da kwanan wata tare da farashi. Kwanan watan nan dole ya fito a cikin rahoton, domin da shi mai karatu zai gane idan an ba shi tsohon labari. Hanyar gane wannan matsala kuwa mai sauƙi ce: tashi manhajar ƙarfe bakwai, ka sake tashin ta ƙarfe tara. Idan "rufewar jiya" ta sauya tsakanin biyun, to ba rufewa kake ɗauka ba.

Yaya zan mayar da farashin oza zuwa giram da naira, yadda 'yan gwal ke ciniki?

A nan rahoton yake fara amfanar mutum a shago, kuma a nan ake tafka babban kuskure. Ozar zinare ba ita ce ozar awon kayan abinci ba. Ta zinare giram 31.1035 ce, ɗayar kuma giram 28.35. Wanda ya raba da 28.35 zai fitar da farashin giram da ya haura na gaskiya da kusan kashi goma cikin ɗari.

Bayan haka sai karat. Farashin duniya na zinare tsantsa ne, karat 24. Sarƙa ko warwaro mai karat 21 kashi 21 cikin 24 nata ne zinare, wato 0.875. Karat 22 kuma 0.916, karat 18 shi ne 0.750, kuma waɗannan lambobi su ne ake gani a hatimin da ke jikin makullin sarƙa, 875 ko 916 ko 750.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe, da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. A ce shekaranjiya oza ta rufe a dala 2,400, jiya kuma 2,424. Tashin kashi 1 cikin ɗari ke nan. Raba 2,424 da 31.1035, giram na karat 24 ya zama dala 77.93. Ninka da 0.875, giram na karat 21 ya zama dala 68.19. Idan jiya ana canjin dala a naira 1,500, giram ya kama kusan naira 102,290.

Yanzu koma shekaranjiya. Oza 2,400 ta ba da dala 67.52 a giram na karat 21. A ce ranar dala tana naira 1,540. Giram ya kama kusan naira 103,980. Ka ga abin da ya faru: a kasuwar duniya zinare ya tashi da kashi 1, amma a naira ya sauka da kusan kashi 1.6, domin naira ta ƙara ƙarfi fiye da yadda zinaren ya tashi. Rahoton da ya ce "zinare ya tashi" ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma hajiyar da ta karanta shi ta ɗauki sarƙarta ta nufi kasuwa za ta tarar da akasin abin da ta zata. Shi ya sa nake ganin layin dala da layin naira su fito daban, kowanne da nasa kason sauyi, a kuma rubuta canjin da aka yi amfani da shi.

Wannan lamba darajar ƙarfen ce zalla. Mai shago yana ɗora kuɗin ƙira da ribarsa idan zai sayar, yana kuma ragewa idan zai saya a hannunka. Ka rubuta haka a rahoton don kada a je ana jayayya da shi a kan saƙon waya.

Wane canji zan sa, na banki ko na 'yan canji?

Wanda masu karanta rahoton ke ciniki da shi. Babban Bankin Najeriya yana wallafa nasa a shafinsa, amma ɗan kasuwar da ke sayen dala a Wapa da farashin Wapa yake lissafi, kuma wannan ba shi da wani tushe na hukuma da manhaja za ta ɗauko. Mafita mai kyau ita ce ɗan fayil da kai kake sa lambar da hannunka kowace yamma tare da kwanan wata. Idan manhajar ta tarar lambar ta wuce kwana biyu ba a sabunta ba, ta cire layin naira gaba ɗaya.

Mutanen Nijar nasu ya fi sauƙi. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka canjin yuro da dala kawai ake buƙata, alamar `EURUSD=X`. A raba farashin dala da shi, a ninka da 655.957.

Rahoton ya ce mai ya faɗi sosai, amma labarai sun ce bai motsa ba. Wa ya yi kuskure?

Duba kwanan wata tukuna. Idan abin ya faru wajen 20 ga wata a WTI, ko ƙarshen wata a Brent, to kusan tabbas sauyin kwantiragi ne. Alama irin `CL=F` ba abu guda take bi ba har abada. Tana bin kwantiragin wata mafi kusa, idan wa'adinsa ya ƙare sai ta koma kan na wata mai bi masa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

A ce kwantiragin da ke ƙarewa ya rufe ranar ƙarshe a dala 80.00, a daidai ranar kuma na wata mai zuwa yana 78.70. Washegari sabon ya rufe a 78.80. Gaskiyar magana mai ya ɗan tashi da santi goma. Amma manhajarka ta ga 80.00 sannan 78.80, sai ta rubuta cewa ya faɗi da kashi 1.5. Babu wanda ya yi asarar wannan kuɗi a kasuwa, jerin lambobin ne ya tsallaka daga wani kaya zuwa wani.

Gyara na gaskiya shi ne a bi kwantiragi da sunansa na wata, a kwatanta shi da kansa. Kowane wata yana da harafinsa, misali `Z` Disamba, `F` Janairu, `M` Yuni. Wannan yana buƙatar ka riƙe jadawalin ranakun ƙarewa, waɗanda kasuwannin ke wallafawa a shafukansu. Idan hakan ya yi yawa a farko, ka sa ranakun a fayil, manhajar ta ƙara jimla ɗaya a waɗannan ranaku: "An sauya kwantiragi, kason yau ba abin dogaro ba ne." Wata alama mai taimako ita ce Brent da WTI yawanci tare suke tafiya, kuma ba rana ɗaya suke sauya kwantiragi ba. Idan ɗaya ya yi tsalle ɗayan yana zaune, ka yi shakka. Zinare ma yana da wannan sauyi, sai dai ba kowane wata ba, kuma tazarar idan aka auna da farashinsa ba ta kai ta mai ba.

Yaya ake sa manhaja ta rubuta jimla mai ma'ana?

Da jimlolin da ka riga ka tsara, ita kuma ta cike gurabe. Abin da za ta yanke shawara a kai kalmar aiki ce kawai:

```python
def kalma(sabo, tsoho):
    k = (sabo - tsoho) / abs(tsoho) * 100
    if abs(k) < 0.3:
        return "bai motsa sosai ba", k
    return ("ya tashi" if k > 0 else "ya sauka"), k
```

Iyakar 0.3 zaɓina ce, kana iya sauyawa. Amfaninta shi ne kada a riƙa kiran motsin santi biyar "tashi". Mai ya fi zinare yawan tsalle, don haka ba laifi ka ba shi iyaka mafi faɗi.

`abs(tsoho)` kuwa yana da tarihi. Ranar 20 ga Afrilu 2020, a tsakiyar kullen korona, kwantiragin WTI na watan Mayu ya rufe a ƙasa da sifili, dala 37.63 a bayan sifili, saboda wuraren ajiya a Cushing sun kusa cika kuma masu riƙe da kwantiragin ba su da inda za su zuba man. Washegari ya dawo sama da sifili. Lissafin da ya raba da lamba mai alamar ragi zai juya amsar, ya ce farashi ya sauka a ranar da ya tashi.

Da lambobin misalinmu, saƙon zai fito kamar haka:

"Rufewar Talata. Zinare ya tashi da kashi 1.0, oza dala 2,424. Giram na karat 21 kusan naira 102,290 a canjin 1,500, ya sauka da kashi 1.6, ban da kuɗin ƙira. Brent bai motsa sosai ba, ganga dala 78.80."

Tura shi ta Telegram ya fi sauƙi: a buɗe bot ta `@BotFather`, a kira `sendMessage`. Imel ma ya yi.

Ba zai fi kyau rahoton ya faɗi dalilin tashi ko sauka ba?

A'a, kuma a kan wannan ina da tsauri. Manhajar lambobi kawai ta gani. Ba ta san ko OPEC ta yi taro ba, ko babban bankin Amurka ya taɓa kuɗin ruwa, ko an rufe wata hanyar jiragen ruwa. Idan ka tsara mata jimla irin "saboda fargabar masu zuba jari" ta riƙa liƙawa duk ranar da zinare ya tashi, wata rana za ta dace, wata rana ta zama ƙage, kuma mai karatu ba shi da hanyar bambancewa. Idan kana son dalili a ciki, ka karanta labarai ka ƙara layin da hannunka, a san cewa naka ne.

Abin da za ta iya ƙarawa da gaskiya shi ne abin da ke cikin lambobin: cewa wannan ce rana ta uku a jere da Brent ke sauka, ko cewa zinare bai kai wannan farashi ba cikin kwana talatin da suka wuce. Don haka ka riƙa adana rufewar kowace rana a fayil na CSV ko SQLite, da kwanan wata da alama da farashi da canji.

Idan Brent ya sauka, fetur zai sauka a gidan mai?

Ba nan take ba, wani lokaci ma ba ya sauka. Tsakanin ganga da famfo akwai tacewa da dako da canjin dala da man da aka riga aka saya da tsada yana cikin rumbu. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, farashin famfo ya fi bin kasuwa, amma a hankali yake bi. Kada rahoton ya yi wa kowa alkawarin farashin lita.

Me manhajar za ta yi ranar da bayanai ba su zo ba, ko suka zo a gurguje?

Ta faɗa a fili. Abu uku za ta duba kafin ta rubuta komai. Na farko, ko an samu rufewa biyu, domin `yfinance` yakan dawo da tebur babu komai a ciki. Na biyu, ko kwanan watan rufewar ya bambanta da na rahoton da ya gabata. Idan ɗaya ne, to ko hutu aka yi a can, kamar Kirsimeti ko Juma'ar Ista, ko tushen ya tsaya, kuma a duka biyun saƙon da ya dace shi ne "Babu sabuwar rufewa yau." Na uku, ko sauyin ya wuce hankali. Idan zinare ya nuna motsin kashi takwas a rana guda, yana iya zama gaskiya, amma an fi samun lalatacciyar lamba, don haka saƙon ya zo maka kai kaɗai ka duba kafin ya tafi ga jama'a.

Sai matsalar da waɗannan ukun ba za su kama ba, wato manhajar ba ta tashi ba sam, ko don an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko kwamfutar tana kashe ƙarfe bakwai. `cron` ba ya rama aikin da ya wuce shi. Saboda haka ka sa ta aiko saƙo kowace ranar aiki ko da na "babu rahoto" ne, yadda ranar da wayar ta yi shiru za ka san matsalar daga na'urar take. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ka ɗora aikin a kan GitHub Actions ko ƙaramar kwamfutar haya, ka kuma ba shi tazara, domin jadawalin GitHub yakan makara da 'yan mintuna, wani lokaci fiye da haka.